Takardar da na rubuta kafin na sayi tsaki ko ɗaya

Lokacin da na je wa yayana a Agege da maganar jarin kiwon kaji, bai ce a'a ba. Cewa ya yi, "Ƙanina, rubuto min abin da za ka kashe, da wanda zai saya, da abin da zai iya karya ka." Wannan takarda ce ta zama rahoton nazarin sana'ata, har yau kuma da ita nake auna kowane zubi a ƙaramar gonata ta Ikorodu.

Kajin nama 200 na yi lissafi a kansu. Kuɗin tsaki daga Ibadan, da garin katako na shimfiɗa, da gawayin ɗumama su a makonni biyun farko, da rigakafin Gumboro da Lasota, duk ba su ba ni tsoro ba. Abinci ne uban tafiya, domin shi ke lashe wajen kashi 70 cikin ɗari na kuɗin. Kaza ɗaya kan ci kilo huɗu da rabi kafin mako bakwai, wato kilo 900 ke nan, buhu 36 mai kilo 25. Da buhu na rubuta, ban rubuta da naira ba, saboda farashin yau ba shi ne na gobe ba. Na kuma cire kaji goma a matsayin waɗanda za su mutu, na raba kuɗin a kan 190.

A ɓangaren kasuwa na fara rubuta cewa Legas ba ta ƙoshi da kaza. Yaya ya ja layi a kai da biro, ya ce, "Legas ce za ta zo gonarka da kuɗi?" Gaskiyarsa. Kazar da ta isa yanka kan ci kusan giram 180 a rana, saboda haka kaji 190 na cinye fiye da buhu guda kullum. Mako ɗaya na jiran mai saye, buhu tara ya tafi, kuma dillali na ganin idonka zai san a matse kake. Sai na taka da ƙafata, na samu masu gashin kaza biyu da wata mai abinci a Mile 12, muka yi maganar adadi da rana, na kuma daidaita zubin ya faɗo daf da Kirsimeti.

Wajen haɗari kowa murar tsuntsaye yake ambata. Ni abin da ya taɓa ni laima ce. A wani zubi da damina shimfiɗa ta jiƙe, a mako na huɗu na ga kashi da jini, kaji sun takure, fukafukai a sake. Na rasa 17 kafin magani ya kama. Daga nan na ƙara layi biyu a takardar: kuɗin sauya garin katako, da buhu biyar na ko-ta-kwana da ba a taɓawa.