Ƙarar kunne bayan shan kwinin: abin da na ji da kunnena da abin da na koya

Kwinin yakan sa kunne ƙara, kuma yakan sa mutum ya riƙa jin magana kamar daga nesa. Wannan ba sabon abu ba ne a wurin likitoci, amma ga wanda aka ba maganin ba tare da an yi masa bayani ba, abin tsoro ne sosai. Ni an ba ni shi ne ina da ƙaramin ciki, lokacin da gwajin jini ya nuna zazzaɓin cizon sauro. A wancan lokacin kwinin haɗe da kilindamaisin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ake ba mai ciki a watanni ukun farko. Sai a shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawara, ta fifita atemeta-lumefantirin a wannan matakin. Duk da haka har yanzu ana amfani da kwinin inda babu wancan, ko inda ya kasa aiki.

Ƙa'idar shan sa ita ce miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyin jiki, duk bayan awa 8, har kwana 7. Nauyina kusan kilo 60 ne, don haka miligiram 600 nake sha a kowane lokaci, wato ƙwaya biyu masu miligiram 300, sau uku a yini.

Da farko ɗacinsa kawai ya dame ni. Da maganin ya taru a jini, abin da yakan faru wajen kwana na biyu zuwa na uku, sai wata siririyar ƙara ta fara a kunnuwana duka biyu, shuuu, ba tsayawa. Da rana hayaniya kan ɗan rufe ta, da dare kuwa ita kaɗai nake ji. Daga nan jin ya dushe kamar an cusa mini auduga. Abin da na lura da shi shi ne, ba duk sauti ne ya ragu daidai ba. Muryar maigida mai kauri ina jin ta, amma muryar yara da ƙarar waya sai na kasa kunne sosai. Ina jin ana magana, kalmomin ne ba sa fita tar. Ga ɗan jiri idan na miƙe, ga ciwon kai da tashin zuciya.

Na koma wurin likita tun kafin lokacin shan na gaba. Bai fara da leƙa kunnena ba. Tambayoyi ya jero mini: "Hajiya, kunne ɗaya ne ko duka biyu? A hankali ta zo ko farat ɗaya? Idonki fa, kina gani garau? Yaya kalar fitsarinki? Zuciya tana bugawa ba daidai ba? Akwai wani magani da kike sha ban da waɗannan?" Da ya ji amsoshina, ya sake lissafa adadin da nauyina, ya auna sukarin jinina, sannan ya ce in ci gaba da sha har in gama.

Ya yi mini bayanin cewa wannan tarin alamomi sunansa sinkonizim, daga sunan itacen sinkona da ake samo kwinin a ɓawonsa. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi da ke ƙarfafa sauti kafin ya isa jijiyar ji. Kwinin yana dagula aikinsu muddin yana cikin jini da yawa, kuma sautuka masu siriri su ne ke fara tafiya. Galibi ba ya kashe su, shi ya sa idan maganin ya fita jin yakan dawo. Haka kuwa aka yi. Bayan na sha na ƙarshe ƙarar ta riƙa raguwa, cikin 'yan kwanaki kunnuwana suka buɗe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ƙarar nan ke sa mutane su ajiye maganin. Zazzaɓi ya sauka, kunne na damu, sai mutum ya ce ai ya warke. Alhali kwinin ba ya daɗewa a jiki, don haka sai an cika kwana bakwai ɗin nan kafin ya gama da ƙwayoyin cutar. Wanda ya tsaya a tsakiya, zazzaɓin kan dawo masa bayan 'yan makonni, ga mai ciki kuwa haɗarin ya shafi rai biyu. A ganina ya kamata duk mai ba da kwinin ya faɗi maganar kunnen nan tun kafin majinyaci ya haɗiyi ƙwaya ta farko. Wanda aka gaya masa yakan iya daurewa.

To yaushe ne abin ya wuce na daurewa? Ido ne kan gaba. Idan gani ya fara dushewa sosai, ko launuka suka sauya, ko mutum ya riƙa ganin tsakiya kawai gefe ya yi duhu, wannan alama ce ta maganin ya yi yawa a jini, kuma yana iya kaiwa ga makanta. Kada a sha na gaba, a tafi asibiti nan take. Haka ma idan zuciya ta riƙa bugawa ba bisa ƙa'ida ba, ko mutum ya suma. Fitsari ya koma baƙi ko ja mai duhu yana nufin jajayen ƙwayoyin jini na fashewa. Jini daga dasashi ko hanci, tabo-tabo a fata ba tare da an buge ba, kumburin fuska ko wahalar numfashi, duk ba abin jira ba ne.

Akwai kuma faɗuwar sukari, wadda masu ciki suka fi fuskanta, domin kwinin yana sa jiki ya saki insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini, da yawa. Gumi mai sanyi, rawar jiki, yunwa mai tsanani da ruɗewa su ne alamunta. Sauƙin kuskurenta shi ne ana iya ɗauka jirin maganin ne kawai. An umarce ni kada in sha shi da ciki wayam, kuma in sha abu mai zaƙi da zarar na ji haka, sannan a kai ni a auna.

Shi kansa kunnen yana da nasa alamun da ba na kwinin zalla ba. Ƙarar da aka saba gani tana zuwa a kunne biyu, a hankali, kuma ana iya hira ko da da wahala. Idan kunne ɗaya ne ya mutu farat ɗaya, wannan na gaggawa ne, domin irin wannan kurumta ana son fara maganinta cikin kwanakin farko. Idan jin ya ɗauke gaba ɗaya, ko jiri ya hana tsayuwa, ko akwai ciwo da ruwa na fita, ko kuma mako ɗaya zuwa biyu sun wuce bayan gama magani ba sauƙi, a nemi likitan kunne ya yi gwajin ji. Yaro ƙarami ba zai ce kunnensa na ƙara ba. Bayan zazzaɓi mai tsanani, a lura ko yana waiwayowa idan an kira shi daga baya, domin cutar da kanta, ko sanƙarau da aka ɗauka maleriya ce, na iya taɓa jinsa.

Tambayar da likita ya yi mini game da wasu magunguna ita ma tana da dalili. Allurar jentamaisin, furosemaid mai sa fitsari, da asfirin mai yawa duk suna taɓa kunne, kuma jentamaisin na iya yin lahanin da ba ya gyaruwa. Mai ciwon ƙoda ko hanta kuma kwinin kan taru masa fiye da kima, sai an rage masa adadi. Kilorokwin ma yakan sa ƙarar kunne jefi-jefi, musamman ga mai shan sa na dogon lokaci. Meflokwin, wani maganin zazzaɓin cizon sauro, kuwa dabam yake: idan ya kawo jiri, ƙarar kunne ko rashin daidaito a tafiya, ba a cewa a daure, domin suna iya daɗewa bayan an daina. A sanar da likita da wuri ya sauya shi da wani.