Firjin da ke cewa "ƙas" bai tashi ba, da ya tashi kuma ya ƙi hutawa

Ƙarar "ƙas" iri biyu ce a firji, kuma wanda ya iya bambanta su ya rage wa kansa rabin aiki. Akwai ta tamostat, wadda ke fitowa daga cikin firjin, wajen abin murɗa sanyi. Ana jin ta sau ɗaya in inji zai tashi, sai kuma bayan dogon lokaci in zai huta. Wannan lafiya ce. Ɗayar daga baya take fitowa, can ƙasa a jikin kwamfuresa, wato injin firjin: inji ya yi gurnani na 'yan daƙiƙu, sai ka ji "ƙas", ya yi tsit minti biyu ko uku, ya sake gurnani, ya sake "ƙas". Ita ce na tarar a firjin yayata, ƙarami mai ƙofa ɗaya. Fitilar ciki na kamawa, amma babu ɗigon sanyi.

"Yaya, tun yaushe yake wannan ƙara?" na tambaye ta.

Ta ce, "Tun jiya da dare. Na murɗa lambar har ƙarshe, ko gezau."

Murɗa lamba ba zai yi komai ba, domin tamostat ya riga ya yi nasa aikin. Gurnanin nan shi ne shaidar cewa wuta tana isa kwamfuresa. Da tamostat ne ya mutu a buɗe, da firjin shiru zai yi, fitila kawai za a gani. Don haka na bar shi gefe, na zare filogi, na jawo firjin daga bango.

A jikin kwamfuresa akwai wani baƙin murfi. In ka ɓalle shi za ka ga ƙafafun ƙarfe uku sun fito daga cikin injin, a zanen waya ana rubuta musu C da S da R (wasu kamfanoni M suke sawa a madadin R). A ciki koyil biyu ne. Na R shi ke riƙe inji yana juyawa, na S kuma tura shi kawai yake yi a farkon tashi, ƙafar C ta haɗa su biyun. Rile yana zaune a kan S da R, aikinsa ya ba koyil na S wuta na ɗan lokaci sannan ya janye. Obalod yana kan C, duk wutar da za ta shiga inji sai ta bi ta cikinsa. Wani ɗan faifan ƙarfe ne a ciki da ke lanƙwashewa in ya yi zafi, ya raba wutar. Lanƙwashewar nan ita ce "ƙas" ɗin da ake ji. In ya huce ya koma, inji ya sake gwada tashi.

Nan ne mutane da yawa ke ɗora wa obalod laifin da ba nasa ba. Shi ke ƙara, sai a ce shi ya lalace. Alhali kamar mai gadi ne da ya yi ihu: ba shi ne ɓarawon ba. Injin da ya kasa juyawa yana jan wuta ninki biyar ko fiye na abin da ya saba ja, kuma in ba a yanke ba koyil ɗin ƙonewa zai yi. Na sha ganin an cire obalod an haɗa wayar kai tsaye don ƙarar ta daina. Ƙarar kam za ta daina, kwamfuresan ma ya bi ta.

Tambayar ita ce me ya hana injin juyawa. Abu uku na sa a raina: rile ya mutu, ko wuta ta yi rauni, ko injin kansa ya cije.

Da wutar na fara, don ita ce mai sauƙi. Amma aunawar tana da ƙa'ida. In ka sa mita a soket babu komai a kai, za ta iya nuna maka lamba mai kyau, da zarar inji ya fara ja sai ta zube, musamman in firjin na kan doguwar waya siririya ko soket ɗin ya saki. Saboda haka na mayar da filogi na auna a daidai lokacin gurnanin. Ta nuna bolt 216, ta sauka 210, ba ta wuce nan ba. Ga injin da aka yi wa wutar 220 wannan ba matsala ba ce. Da ta faɗo ƙasa da 190 ko wajen haka, da a nan zan tsaya, domin ko sabon rile ba zai tayar da inji a kan wuta mai rauni ba. Na kuma maƙala mitar amfiya a wayar: wajen amfiya 6 take nunawa har obalod ya yanke.

Na sake zare filogi, na zare rile da obalod, ƙafafun uku suka fito fili. Wasu firji suna da kafasita a wurin, ita tana riƙe wuta ko bayan an cire filogi, sai an sauke wutar da ke cikinta kafin a sa hannu. Wannan ba shi da ita. Na sa mita a ma'aunin om. Tsakanin C da R na samu 18. Tsakanin C da S, 25. Tsakanin R da S, 43. Lambobin kansu suna bambanta daga inji zuwa inji, har akwai waɗanda koyil na S ya fi ƙanƙanta, don haka ba su nake kallo ba. Abin da nake so shi ne biyun farko in an haɗa su su ba da na uku, ga shi 18 da 25 sun ba da 43 cif. Da ɗaya ya ƙi nuna komai, koyil ya tsinke ke nan. Sai na kankare fenti kaɗan a jikin injin, na ɗora tsinken mita ɗaya a wurin, ɗayan a kan kowace ƙafa bi da bi. Mita ba ta motsa ba, haka ake so. In ta motsa, wuta na zuba a jikin inji, kuma wannan firjin bai kamata a sake jona shi ba, zai iya jan mutum.

Obalod na auna shi bayan ya huce, wuta na wucewa, mita ta nuna om kusan sifili. Lafiyarsa ƙalau.

Saura rile. Irin na zamani ne da ake rubuta wa PTC, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa sai wani ɗan faifai kamar na tangaran. In yana da sanyi yana barin wuta ta wuce zuwa koyil na S, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya yi zafi ya toshe hanyar. Na kai shi kunne na girgiza, sai na ji kacau-kacau. Da na buɗe, faifan ya farfashe, gefensa ya yi baƙi, har da ɗan warin ƙuna. A jikinsa an rubuta om 22, mita kuwa ba ta nuna komai ba. Girgizar nan alama ce mai kyau ga irin wannan rile kaɗai. Tsohon samfuri mai naɗin waya a waje yana da ƙarfe a ciki da dama yake motsi, in ya yi ƙara ba laifi ba ne. Sababbin firji masu inbata kuma ba su da rile sam, allon lantarki ke tayar da injinsu, wannan awon bai shafe su ba.

Na samo wani mai lamba ɗaya da shi na sa. Inji ya tashi nan take, mitar amfiya ta yi tsalle ta dawo 0.8, daga baya ta zauna wajen 0.6. Da a ce da sabon rile da wuta mai kyau ya ci gaba da gurnani, to ya cije ne daga ciki, ko da koyil ɗinsa sun auna daidai, sai dai canjin kwamfuresa.

Yaya ta miƙa hannu za ta zare filogi ta mayar da firjin wurinsa, na ce ta zare, amma mu jira minti biyar zuwa goma kafin a sake jonawa. Faifan rile yana buƙatar ya huce, gas ɗin ma yana buƙatar ƙarfinsa ya daidaita a ɓangarorin biyu. Firji mai lafiya ma in aka kashe aka kunna nan take zai yi gurnani ya ce "ƙas". Duk mai gwaji ya riƙe wannan, kada ya yanke wa inji hukunci a kan gaggawarsa.

Na gaya mata injin zai yi awanni yana aiki ba hutu, tunda firjin ya ɗumama gaba ɗaya, kuma na mayar da lambar tsakiya. Washegari ta kira: "Ƙanina, abin naka fa bai huta ba ko sau ɗaya, ruwan da na sa a ƙasa ma ya zama ƙanƙara."

Maganar ƙanƙarar ce ta ba ni hanya. Firjin da ya ƙi hutawa, abu na farko da ake tambaya shi ne: sanyi ya yi yawa, ko bai kai ba? In bai kai ba, tamostat gaskiyarsa ce da ya ƙi yankewa, laifin yana wani wuri: robar ƙofa ta saki, ko ƙura ta lulluɓe bututun baya, ko gas ya ragu, wanda ake ganewa in ƙanƙara ta kama kusurwa ɗaya tak na farantin sanyi sauran ya zauna haka nan. Amma ɗakin ƙasa da ya kamata ya tsaya wajen digiri 3 zuwa 5 ya daskarar da ruwa, wannan injin ya yi aikinsa har ya zarce, mai ce masa ya tsaya ne bai ce ba.

Na murɗa lambar zuwa sifili, na ji "ƙas" daga ciki, inji ya tsaya. Wato bakin tamostat bai manne ba. Da ya manne, sau da yawa ko an kai sifili inji ci gaba yake yi, sai an zare filogi. Sai na bi siririn bututun da ke fitowa daga jikinsa. Da shi yake jin sanyi: gas ne a ciki, in ya yi sanyi ya tsuke, bakin ya buɗe. Ƙarshensa ya kamata ya kasance a matse da farantin sanyi, amma na same shi yana lilo a iska, maƙalinsa ya karye. Iskar ba ta taɓa kaiwa sanyin farantin, don haka tamostat yana ta jiran abin da ba zai zo ba.

Yaya ta ce dama ya daɗe ba ta jin ya huta, ta ɗauka ƙarfinsa ne. Ina zargin wannan ya taimaka wajen gajiyar da rilen, domin faifan a cikin zafi yake zama muddin inji na aiki.

Na lanƙwasa bututun a hankali, don in ya karye gas ɗin ya fita tamostat ya lalace, na matse ƙarshensa a gurbinsa da sabon maƙali. Bayan firjin ya kama sanyi, sai ga "ƙas" daga wajen lamba, inji ya tsaya, ya huta wajen kwata na awa, sannan ya tashi ba gurnani. Ma'aunin zafin da na bari cikin kofin ruwa a ɗakin ƙasa ya nuna digiri 4 da safe.