Turaren kyautar Sallah: daga ranar 29 ake fara lissafi

Aikin da na yi wa wata mai sayar da humra da turaren wuta a Kano ya nuna mini cewa da yawan masu sayen turare a watan azumi ba kansu suke saya wa ba. Wani mahaifiyarsa ce a ransa, wata surukarta, wani kuma toshin Sallah zai kai wa budurwa. Saboda haka muka rage zancen ƙamshi a rubutun talla, muka riƙa ambaton wadda za a kai wa.

Lissafin kwanaki daga ƙarshe muke faro shi. Ba a san ranar Sallah sai an ga wata, don haka mukan ɗauka azumi 29 za a yi. Kayan da za su bi mota zuwa Abuja ko Kaduna suna bukatar sarari, tunda tasha kan cika maƙil a kwanakin nan, shi ya sa ake rufe karɓar odar wasu garuruwa ranar 25. Humra kuwa tun a Sha'aban ake haɗa ta don ta tsumu, sabuwar haɗi ba ta kama jiki sosai.

A goman farko ba ma faɗin farashi. Hoton kwali kawai muke sawa a WhatsApp, da rubutu kamar haka: "Wa kika fara tunawa bana? Muna tanadar mata wani abu." Bayan tarawihi muke sakin sa, domin a lokacin mutane sun huta sun ɗauki waya, masu zuwa shago ma sai an sha ruwa suke yarda a kunna musu turaren wuta.

Goman tsakiya shi ne lokacin ciniki, kuma nan kyautar da ake ƙara wa mai saye kan cinye riba idan ba a kula ba. Hajiya mai turaren ta so ta ɗora kwalbar mil 3 a kan kowace mil 12, muka zauna muka buga: kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka saya ke nan, ban da kuɗin kwalba da kwali. Sai muka mayar da kyautar ga wanda ya ɗauki kwalba uku, ta koma ɗaya cikin goma sha biyu. Rubutun ya zama: "Ta Umma, ta uwargida, ta ƙanwa. Ɗauki uku, ƙaramar almiski taka ce kyauta." Idan saƙonni suka yi yawa amma duk tambayar kyautar ake yi, ba mai tambayar farashi, to rubutun ya fifita kyauta a kan kaya, a gyara shi a daren.

Daga 21 ga wata magana ɗaya ake nanatawa: "Ranar 25 za mu rufe aike zuwa wasu garuruwa. 'Yan Kano kuna da har jajibiri." Ranar Sallah kuma gaisuwa ce zalla, ba farashi: "Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana."