Jan biro a gefen karin maganata

A babi na uku na kundina na rubuta cewa mutanen da na yi bincike a cikinsu ba sa son gaggawa. Hujjata ɗaya ce: "Sannu ba ta hana zuwa." Malamin da ke duba aikin bai ce mini uffan ba. Da jan biro kawai ya rubuta a gefe: "A bari ya huce shi ke kawo rabon wani." A ƙasa ya ƙara da cewa, wanne ne nasu a ciki?

Na ji haushi, amma gaskiyarsa. Bakin da ke faɗin ta farko shi ke faɗin ta biyu, ya danganta da abin da ya taso. Karin magana ita kaɗai tana nuna cewa akwai zancen a harshe ne kawai, ba ta nuna yadda mutane ke aikatawa.

Sai na koma kan muryoyin da na naɗa. A minti na 14 na wata hira na tarar da inda na tsinto ta. Wata dattijuwa ce take ba ni labarin jikanta da ya so barin koyon sana'a bayan wata uku, ta ce da shi sannu ba ta hana zuwa. Ashe lallashi ne, ga yaro guda, a kan matsala guda. Ni kuwa na ɗauka na yafa wa al'umma baki ɗaya. Da na gyara, da'awar ta tsuke ta koma haka: manya kan jawo wannan karin magana idan suna so matashi ya daure. Wannan kam zan iya kare ta, don na samu irin haka a wasu hirarraki biyu.

Har waɗannan biyun sai da na tambaye su inda suka ji ta. Masanin tarihi Jan Vansina, a littafinsa na 1985 kan tarihin baka, ya ja kunne a kan haka: mutum uku da suka ji daga baki ɗaya shaida ɗaya ce.

Wajen ambaton madogara, bugu na 7 na tsarin APA, wato ƙa'idojin da masu bincike da yawa ke bi wajen nuna inda suka samo bayani, ya bambanta abu biyu. Maganar da mai karatu ba zai iya komawa gare ta ba, a cikin rubutu kawai ake ambatonta, da sunan mai maganar da cikakken kwanan wata, ba ta shiga jerin manazarta. Muryar da aka adana inda wani zai iya nema ya saurara, ita tana shiga. Ni nakan ƙara shekarun mai maganar, wurin hira, lambar faifai da mintin, in kawo kalamanta yadda ta furta su kafin kowace fassara.

Dattijuwar ba ta yarda a sa sunanta ba. A kundin tana nan a matsayin mai ba da bayani ta 6, takardar amincewarta kuma tana cikin fayil ɗina.