Inda na kai a zanen ƙarfin yanka da momen na bim mai matokara biyu

'Yan uwa masu koyon lissafin gini, ga bayanin matakin da na kai a zanen ƙarfin yanka da na momen na lanƙwasa, bayan na gama da nauyin da ke sauka a wuri guda na shiga nauyin da ke shimfiɗe a kan bim. Bim ɗin da nake aiki da shi yana zaune ne a kan matokara biyu kawai, ta hagu da na kira A mai fin ce, ta dama da na kira B kuma mai rola ce, saboda haka babu wadda ke hana bakinsa juyawa, kuma momen a bakunan biyu sifili ne. Tsawonsa mita 8 ne, nauyin da ke kansa kuma kilonyuton 10 ne a kowace mita. Irin wannan nauyi ba ya buƙatar a nemo shi da nisa, domin jikin bim ɗin kansa nauyi ne shimfiɗaɗɗe: bim na kankare mai faɗin milimita 230 da zurfin milimita 600 yana da nauyin kusan kilonyuton 3.3 a kowace mita, idan aka ɗauki nauyin kankare a kilonyuton 24 a kowace mita kubik, kafin ma a ɗora masa bulo ko rufi.

Na fara da yanayin da nauyin ya rufe bim ɗin gaba ɗaya, wanda ba ya ɗaukar lokaci. Jimillar nauyin ita ce 10 sau 8, wato kilonyuton 80, kuma tun da komai daidai yake a hagu da dama, kowace matokara tana ɗaukar 40. Idan aka yanka bim ɗin a tunani a nisan x daga A, aka dubi guntun da ke hagu, za a ga 40 na tura shi sama, nauyin da aka wuce kuma, wato 10 sau x, na danna shi ƙasa. Wannan nauyin da aka wuce yana aiki ne a tsakiyar guntun, a nisan rabin x daga wurin yankan, kuma daga nan ne murabba'in x yake shigowa cikin lissafin momen. A lissafin da ke ƙasa, V shi ne ƙarfin yanka, M kuma momen na lanƙwasa.

```
V = 40 − 10x
M = 40x − 5x²
```

Zanen V layi ne miƙaƙƙe da ke gangarowa daga 40 a A zuwa −40 a B, yana ratsa sifili a mita 4. Zanen M kuma farabola ce da ke tashi daga sifili, ta kai 80 kNm, wato kilonyuton-mita 80, a tsakiya, ta sake saukowa sifili. Wannan ya yi daidai da sananniyar ƙa'idar nan ta wL²/8, inda w yake nauyin kowace mita, L kuma tsawon bim, domin 10 sau 64 a raba da 8 yana ba da 80. Ina bin al'adar da ke ɗaukar V a matsayin mai alamar tarawa idan ƙarfin da ke hagun yankan yana turawa sama, da kuma M a matsayin mai alamar tarawa idan bim ɗin yana lotsawa ƙasa a tsakiya. Wasu littattafai suna zana momen ɗin a ƙarƙashin layi, a gefen da ake jan bim ɗin, saboda haka kada ku ruɗe idan kuka ga farabolar a kife. Lambobin ba su canja ba.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a ambata tun da wuri. Halal ne a dunƙule nauyin shimfiɗaɗɗe ya zama nauyi guda na kilonyuton 80 a tsakiya domin a nemo abin da matokarai ke ɗauka, amma da zarar an samu 40 da 40 ɗin, dole ne a mayar da nauyin yadda yake a shimfiɗe kafin a fara zane. Wanda ya ci gaba da nauyin a dunƙule zai samu zanen V mai matakala biyu, da zanen M mai tsini kamar dala, kuma momen ɗinsa a tsakiya zai zama 40 sau 4, wato 160 kNm, ninki biyu na amsar gaskiya. Ana gane wannan kuskure da ido kawai, domin a ƙarƙashin nauyin shimfiɗaɗɗe layin V ba ya taɓa kwanciya a kwance, kuma layin M ba ya yin tsini.

Inda na fi daɗewa, kuma inda nake ganin ainihin darasin yake, shi ne lokacin da na cire rabin nauyin, na bar kilonyuton 10 a kowace mita a kan mita 4 na farko daga A kawai, sauran mita 4 ɗin kuma babu komai. Yanzu jimillar nauyin 40 ce, kuma cibiyarsa tana nisan mita 2 daga A. Idan aka ɗauki momen a kan A, abin da B ke ɗauka sau 8 dole ya yi daidai da 40 sau 2, wanda ke nuna cewa B tana ɗaukar kilonyuton 10, A kuma tana ɗaukar ragowar 30. Na kan sake ɗaukar momen a kan B domin tabbatarwa: 40 sau 6 a raba da 8 yana ba da 30 ɗin nan. Ina ganin wannan ƙarin layi guda ya cancanci lokacinsa, saboda duk abin da zai biyo baya a kan waɗannan lambobi biyu yake tsaye, kuma tara su kawai a ga sun ba da 40 ba ya kama kuskuren da aka yi a nisan cibiya.

Tun da nauyin ya tsaya a mita 4, bim ɗin ya rabu sashe biyu, kuma kowane sashe yana da nasa lissafin. A sashen farko ana yanka a dubi hagu kamar yadda aka yi a baya. A sashe na biyu kuwa ya fi sauƙi a dubi dama, inda babu komai sai kilonyuton 10 na matokarar B.

```
0 ≤ x ≤ 4:   V = 30 − 10x     M = 30x − 5x²
4 ≤ x ≤ 8:   V = −10          M = 10(8 − x)
```

Zanen V yana tsalle daga sifili zuwa 30 a kan A, sannan ya gangara yana raguwa da 10 a kowace mita, har ya kai −10 a mita 4. Daga nan sai ya miƙe a kwance a kan −10 har zuwa B, inda matokarar ke ɗaga shi da 10 ya koma sifili. Komawarsa sifili daidai a B ita ce shaidar farko cewa lissafin ya rufe. Idan ya rage ko da kaɗan ne, to akwai matsala a matokarai ko a nauyin da aka ƙirga.

Abin lura shi ne wurin da layin ya ratsa sifili. Ana samunsa ta raba 30 da 10, wato mita 3 daga A, kuma a nan ne momen ya fi girma, domin V shi ne gangaren zanen M a kowane wuri. Muddin V yana sama da sifili, momen yana ƙaruwa. Da zarar ya faɗa ƙasa da sifili, momen ya fara raguwa. Saboda haka ƙololuwar tana daidai inda ya sauya alama. Idan aka sa 3 a cikin lissafin, 90 a cire 45 yana ba da 45 kNm. A tsakiyar bim ɗin kuwa, a mita 4, momen 40 kNm ne kacal. Wanda ya saba da yanayin farko har ya ɗauka cewa momen mafi girma kullum a tsakiya yake zai rubuta 40, ya rage 5 kNm daga abin da bim ɗin zai ɗauka a zahiri, kuma wannan ragi yana gefen haɗari ne, tun da da wannan lambar ake auna yawan rodin da za a sa a ƙasan bim. Ƙa'idar wL²/8 ma ba ta aiki a nan, domin an gina ta ne a kan nauyin da ya rufe dukan tsawon.

Yanzu na fi son hanyar faɗin fili a kan hanyar sa lambobi, ko da yake ina amfani da ɗaya in duba ɗaya. Canjin momen tsakanin wurare biyu daidai yake da faɗin filin da ke ƙarƙashin zanen V a tsakaninsu. Daga A zuwa mita 3 akwai alwatika mai gindi 3 da tsayi 30, faɗinta rabin 90, wato 45, kuma ga ƙololuwar ta fito ba tare da an taɓa murabba'in x ba. Daga mita 3 zuwa 4 akwai ƙaramar alwatika a ƙarƙashin layi mai gindi 1 da tsayi 10, faɗinta 5, wadda ke sauko da momen zuwa 40. Daga mita 4 zuwa 8 kuma fili ne mai kusurwa huɗu, 10 sau 4, wato 40, wanda ke mayar da momen sifili a B kamar yadda rola ke buƙata. Filin da ke sama 45 ne, na ƙasa ma 45, kuma wannan daidaito ita ce shaida ta biyu. Sai dai a tuna cewa idan an ɗora wa bim momen kai tsaye a wani wuri, zanen M zai yi tsalle a wurin ba tare da zanen V ya nuna komai ba, kuma filayen ba za su daidaita su kaɗai ba.

Wajen jan layin da hannu, ina sa ɗigo a mita 1, 2, 3 da 4, inda momen yake 25, 40, 45 da 40, sannan in haɗa su da lanƙwasa mai tashi da sauri kusa da A, tana lafawa har ta kwanta a ƙololuwa. Maimaituwar 40 a mita 2 da mita 4 tana nuna cewa farabolar daidai take a gefuna biyu na mita 3. Wurin da hannu ya fi son karkacewa shi ne mahaɗar mita 4, inda farabola ke miƙa wa layi miƙaƙƙe. Bai kamata a ga gwiwa a wurin ba, domin V ɗin −10 ne a gefen hagu da gefen dama duka, wato gangaren bai canja ba. Gwiwa tana fitowa ne kawai inda nauyi guda ya sauka ya sa V tsalle.

Zanukan biyu suna kuma faɗa wa mai gini abubuwa daban. Ƙarfin yanka ya fi tsanani a kusa da A, inda ya kai 30, kuma shi ya sa ake matse tazarar zoben rodi a kusa da matokarai, alhali rodin ƙasa mai tsawo yana bin zanen momen ne.

Abin da na sa a gaba yanzu shi ne nauyin da ke ƙaruwa daga sifili a A zuwa mafi girmansa a B, mai siffar alwatika. A can layin V zai zama farabola, layin M kuma zai ƙara hawa mataki guda ya ƙunshi x³. Cibiyar nauyin tana kashi biyu cikin uku na tsawon daga A, don haka A za ta ɗauki sulusin jimillar, B ta ɗauki sauran, kuma V zai ratsa sifili a L/√3, wato kusan 0.577 na tsawon daga A, wanda a bim ɗina na mita 8 yake faɗawa kusa da mita 4.62.