Mayar da Hoton Falo Daga Rana Zuwa Almuru, Ba Tare da Kujera Ta Gusa Ba

A ƙaramin kamfaninmu na zana hoton cikin gida a kwamfuta, akwai buƙatar da ke yawan zuwa bayan an gama aiki. Mai aiki, wato wanda ya ba mu aikin, ya amince da hoton falonsa da hasken rana, sai ya ce yana son ya ga wannan falon da almuru, fitilu a kunne, amma kada a taɓa masa ko matashi ɗaya. Masu koyo sukan ɗauka rage haske ne kawai a zuba ɗan ruwan ɗorawa. Abin da hakan ke bayarwa shi ne hoton rana mai datti: inuwar taga tana nan kwance a ƙasa, fitilu suna ci amma ba su haska komai. Hasken yamma gina shi ake yi daga duhu, fitila bayan fitila.

Mu ɗauki falo mai mita 5 tsawo, mita 4 faɗi, silin mita 2.8. Akwai doguwar kujera, babbar taga a hagu da labule mai shara-shara, fitilun tebur biyu a gefen kujerar, doguwar fitilar tsaye a kusurwa, da ƙananan fitilu huɗu a cikin silin. An yi aikin a manhajojin 3ds Max da Corona, amma wanda ke amfani da V-Ray ko Blender zai tarar hanyar ɗaya ce.

Kafin a taɓa haske, a ajiye sabon kwafin fayil, a daskare leyar kayan ɗaki da kyamara, a bar girman hoto yadda yake. Abin da aka fi mantawa shi ne kayan da manhaja ke watsawa da kanta, kamar gashin kafet ko ganyen tukunyar fure. Idan lambar seed ɗinsu, wato lambar da ke yanke yadda za a watsa su, ta canza, za su sake zama daban, mai aiki kuma zai lura ko da bai iya faɗin abin da ya canza ba. A fitar da hoton alamar kaya daga fayil ɗin rana, wato wanda kowane abu ke fitowa da launi guda shimfiɗe, CMasking_ID a Corona. A adana shi, da shi za a yi shaida a ƙarshe.

Daga nan a kashe komai. Rana, sararin sama, da duk fitilun ɓoye da aka dasa a bayan kyamara ko bakin taga domin cike inuwa a hoton rana. A yi gwajin renda, wato a sa manhaja ta lissafa hasken ta fitar da hoton. Ya kamata hoton ya fito baƙi ƙirin. In wani wuri yana ƙyalli, to akwai abin da ke ba da haske da kansa, galibi allon talabijin ko hoton waje da aka liƙa bayan taga. A nemo shi tun yanzu, domin idan aka buɗe kyamara don yamma, wannan ɗan ƙyallin zai ninku sau takwas.

Sama ce ta fara dawowa, ba tare da rana ba. A sa hoton sararin sama na bayan faɗuwar rana, a sauya hoton da ake hangowa ta taga shi ma, don ba a ganin farin gajimare na azahar a taga alhali ɗaki na cikin magariba. Aikin saman nan kaɗan ne: ta shafa shuɗi-shuɗi a labule da gefen kujerar da ke kallon taga. Ni ba na goyon bayan a mai da tagar baƙa gaba ɗaya. Ido yana gane ɗumin fitila ne idan akwai sanyin launi kusa da ita da zai gwada; in ba shi, falon duka ya zama launi ɗaya kamar an jiƙa shi a shayi.

Yanzu fitilu. A ba su adadi na gaskiya a lumen, ma'aunin yawan hasken da fitila ke fitarwa, kada a riƙa murɗa lamba har sai ta yi daɗin ido. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800, mai wat 40 kuma kusan 450. Saboda haka fitilun tebur a ba kowacce 450, ta tsaye 800, dukkansu a Kelbin 2700, wanda shi ne launin ƙwan gida mai ɗumi. Na silin a sa musu fayil ɗin IES, wanda ke ɗauke da yadda fitila ta gaske ke watsa haskenta, domin haskensu ya zana baka a bango kamar na gaske, a ba su Kelbin 3000, a rage su zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsu. In aka bar su da cikakken ƙarfi za su wanke ɗakin daga sama, su shafe tafkunan hasken da fitilun tebur ke yi, kuma waɗannan tafkunan su ne yamman da ake nema.

Hular fitila ita ce inda aiki ya fi lalacewa, don haka ta cancanci a daɗe a kanta. A hoton rana ba wanda ya damu da ita, yadi ne fari kawai. Da aka saka haske a ciki sai a ga ɗayan abu biyu. Ko dai hular ta fito baƙa, haske na fita ta sama da ƙasa kaɗai, ko kuma ta ƙone fari fat har saƙar yadin ta ɓace. Baƙin yana zuwa ne daga yadin da bai barin haske ya ratsa, ko hular da aka gina da kauri mai bango biyu. A mai da ita fuska ɗaya siririya, a kunna Thin shell a saitin yadin a Corona, a ba ta Translucency, wato yawan hasken da ke ratsa ta, wajen 0.4 zuwa 0.5, a V-Ray kuwa VRay2SidedMtl ke yin wannan aikin. Ƙonewar kuma yawanci daga farin yadin ne da ya yi yawa, sai a sauke shi zuwa fari mai ɗan duhu. Idan ta yi daidai, za ka ga tsakiyar hular ya fi haske daidai saitin ƙwan, yana dusashewa zuwa baki, zaren yadin yana bayyana, sannan a bangon baya akwai baka biyu na haske, ɗaya ta yi sama ɗaya ta yi ƙasa.

Shi kansa tushen hasken a yi shi ƙwallo mai faɗin santimita 5 zuwa 6, girman ƙwai na gaske, a tsakiyar hular. Kada ya taɓa ƙarfen da ke riƙe ta, kada kuma a kulle shi cikin gilashin ƙwan da aka zana. Hasken da zai ratsa gilashi kafin ya fita yana wahalar da lissafin manhaja, sakamakonsa shi ne fararen ɗigo-ɗigo a silin da ba sa gushewa ko an bar renda ta kwana. A ɓoye gilashin, ko a cire shi daga masu yin inuwa.

Sai kyamara, kuma a nan ne ake samun yamma ko a rasa ta. A ce hoton rana an ɗauke shi a f/8, ISO 100, ƙofar kyamara a buɗe kashi ɗaya cikin takwas na daƙiƙa. Fitilun nan ba su kai ko kusa da ƙarfin hasken taga ba, don haka gwajin farko zai yi duhu. Kuskuren da ake yi shi ne a ninka ƙarfin fitilu sau goma. Abin da ya dace a ƙara lokacin buɗewa zuwa daƙiƙa ɗaya, mataki uku ke nan, haske ninki takwas; in bai isa ba a kai daƙiƙa biyu. Lambar f/8 kuwa kada a taɓa ta, domin ita ke yanke abin da ya fito tar da abin da ya yi hazo, canza ta zai sa hotunan biyu su daina kama da juna. In akwai daidaita haske na kai-tsaye a kunne, a kashe shi, don zai yi ta ƙoƙarin mai da daren rana.

Ma'aunin fari, White balance, shi ma dole ya sauko. Idan aka bar shi a 6500 na rana, fitilar 2700 za ta fito ruwan lemo, farin bango ya rine, koren kujera ya koma ruwan ƙasa, mai aiki ya ce an canza masa yadi. Idan kuma aka sauke shi har 2700, fitilun za su zama farare, ɗumin ya tafi. Tsakanin 3800 da 4200 ne muke samun abin da ake so. A duba farin abu da ke nesa da fitila, kamar bakin ƙofa: ya kamata ya yi launin madara. Saukar da ma'aunin yana ƙara wa taga shuɗi sosai, sai a rage kaurin launin saman kaɗan.

Akwai abu biyu da kan ba mutum mamaki a gwajin farko. Gilashin taga yana zama madubi da zarar ciki ya fi waje haske, sai ya nuno abin da ke bayan kyamara, wanda sau da yawa fili ne babu bango. A rufe ɗakin ta baya. Na biyu, kayan da aka sauko da su a shirye daga intanet wani lokaci suna zuwa da inuwa a zane cikin hoton fatarsu, wato hoton da aka lulluɓe jikinsu da shi, inuwar da ke nuna haske daga sama alhali fitila tana gefe. Wannan sai an sauya fatar.

A raba fitilun rukuni-rukuni a LightMix, sama daban, na tebur daban, ta tsaye, na silin, domin a daidaita su bayan renda ba tare da sakewa ba. Amma yana da iyaka. Rukunin da aka ɗaga ninki da yawa yana tahowa da yashi-yashinsa, don haka in an gamsu da ma'auni a mayar da lambobin cikin fitilun kansu a sake renda. Hoton yamma yakan ci lokaci fiye da na rana, saboda ƙananan fitilu da yawa sun fi babbar taga wuyar lissafi, kuma wannan ya kamata ya shiga lissafin lokacin da aka ɗibar wa mai aiki. Wanda kuma ya kawo hoto kawai babu fayil ɗin aikin, a gaya masa gaskiya: tabon rana da ke ƙasa ya riga ya zama ɓangaren hoton, goge shi da hannu sake zane ne, ba sauya haske ba.

Kafin a miƙa, a fitar da hoton alamar kaya daga fayil ɗin yamma, a ɗora shi kan na rana a Photoshop, a sa leyar sama a Difference. In babu abin da ya motsa, allon zai yi baƙi duka, sai dai wurin gilashin ƙwan da aka ɓoye da hular fitilar da aka gyara. Siririn layi mai launi a gefen abu guda yana nufin an ture shi da kuskure. Idan kuwa layin ya zagaye kowane abu a ɗakin, kyamara ce ta gusa, sai a dawo da ita daga fayil ɗin rana a sake renda.