Saƙon da na tura wa mai zana mana allo da takardun awon ciki

Mai zane ba ya iya fara aiki sai an ba shi abu uku: rubutun da zai jera, hotunan da zai saka, da sunan wanda zai ce masa "to, a buga". In ɗaya ya ɓace, aikin ya tsaya, ko kuma ya cike gurbin da abin da ya ga dama. Ni nas ce kuma ungozoma, ina da ƙaramin asibitin haihuwa a wani ƙauye tsakanin Wudil da Gaya. Da muka tashi sabunta allon bakin titi da buga takardar bayani ga masu zuwa awo, yaron da zai yi mana zanen yana cikin Kano, ni kuwa ba ni da ranar da zan ce tawa ce. Mai naƙuda ba ta tambayar ko kina da alƙawari da wani. Don haka na zauna bayan sallar isha'i na rubuta masa saƙo guda ɗaya dogo ta WhatsApp, wanda zai riƙa komawa kansa maimakon ya riƙa kirana ina ɗakin haihuwa.

Na fara da gaisuwa, na tambayi mutanen gida, sannan na shiga magana. Ga yadda farkon ya kasance:

"Ƙanena, aikin kashi biyu ne. Allo mai ƙafa 8 a kwance da ƙafa 4 a tsaye, sai takardar bayani girman A5, gaba da baya, guda 1,000. Duk rubutun da zai hau kansu daga wurina zai fito. Don Allah kada ka ƙara kalma ko ka rage, ko da ka ga kamar kuskure ne. Ka yi mini alama, ni zan gyara. Rubutun allo zai zo maka ranar Litinin da dare. Na takarda sai Laraba, domin sai likita ya duba shi tukuna. Ranar Juma'a kada ka jira komai daga gare ni, ranar kasuwar Wudil ce, asibiti cika yake yi."

Wannan magana ta kada ya taɓa rubutu ita ce ta fi kowace muhimmanci a saƙon, kuma ba don na raina iliminsa ba ne. Masu zane suna da al'adar ƙawata allo da kalmomi irin su "asibitin da ya fi kowane" ko "waraka tabbas". A shagon atamfa babu laifi. A wurinmu kuwa ƙa'idar aikin likitanci ta Najeriya ba ta yarda da tallan yabon kai ba, kuma hukumar PHIMA da ke yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista a Jihar Kano ta san iyakar abin da aka ba mu izinin yi. In allo ya ce muna tiyata alhali rajistarmu ba ta kai nan ba, ni za a tuhuma, mai zane yana can yana wani aikin. Saboda haka na rubuta masa sunan asibitin harafi da harafi kamar yadda yake a takardar rajista, na haɗa da hoton takardar domin ya kwafi lambar daga tushe. Ayyukan da za a lissafa huɗu ne kacal: awon ciki, karɓar haihuwa, kula da mai jego da jariri, da gwajin jini da fitsari. Kuɗin kati da na awo ban saka ba, domin allo yana shekaru a tsaye, farashin safar hannu da allura kuwa ba ya wata uku bai motsa ba.

Sai batun yadda rubutun zai isa gare shi. Na yi masa alƙawarin zan buga shi a waya da kaina, ba zan aiko da saƙon murya ba, ba kuma hoton rubutun hannu ba. Wanda ya taɓa ganin rubutun ma'aikacin asibiti ya san dalili. Na kuma roƙe shi ya gwada irin haruffan da zai yi amfani da su tun kafin ya yi nisa, domin da yawa daga cikin masu kyan gani ba su da ƙ da ɗ da ɓ. In babu su, ko dai wani ɗan akwati ya fito a gurbin harafin, ko kwamfuta ta aro shi daga wani salon, ya fito siriri a tsakiyar kalma mai kauri. Na ba shi jimla ɗaya ta gwaji, "ɗauki ƙafa ki zo da ɓawon maganin", na ce ya turo mini ita a manya da ƙananan baƙaƙe. Salo na farko da ya zaɓa ya faɗi a kan babban Ɗ, ya canza wani.

Bayan takardar shi ne inda na fi daɗewa. A can ne alamomin haɗari ga mai ciki suke: zubar jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannaye, jijjiga, zazzaɓi, fashewar faya kafin lokaci, da jin ɗan ciki ya daina motsi. Na gaya masa cewa waɗannan layuka takwas ba a taɓa su, ba a ƙanƙanta su don a sama wa hoto wuri. In wuri ya yi kaɗan, hoton ne zai tafi. Yawancin matan da ke zuwa wurina ba su za su karanta takardar ba. Miji ne, ko ɗan makaranta a gidan, sau da yawa da dare da hasken tocila. Don haka na ce baƙin rubutu a kan farar takarda, kada a shimfiɗa wani hoto a ƙarƙashinsa. Kan maganar kuma mun sa shi da ajami, wanda malamin Islamiyyar garinmu ya rubuta da hannunsa da baƙin alƙalami a farar takarda, na ɗauki hotonta. Na gargaɗi mai zane kada ya sake buga shi da haruffan Larabci na kwamfuta, kada kuma ya juya hoton, domin wasullan ajami suna iya sauya ma'ana in aka yi wasa da su.

Game da hotuna, ga abin da na rubuta:

"Zan turo hoto biyar ranar Alhamis: gaban asibiti, ɗakin awo babu kowa a ciki, teburin gwaji, tambarinmu, da ma'aikata biyu cikin kayan aiki. Babu hoton majiyyaciya ko jariri, kuma don Allah kada ka ɗauko mana hoton wata Baturiya mai ciki ka liƙa. Zan turo su ta Document, in ka ga wani bai isa girma ba ka faɗa mini a ranar, kafin hasken yamma ya wuce."

In aka tura hoto ta hanyar da aka saba, WhatsApp yana matse shi ya rage masa nauyi. A fuskar waya ba za ki ga bambanci ba, sai an buga shi a takarda fuskoki su yi kamar an shafa musu ruwa. Mai zane ne ya yi mini lissafin: hoton da zai cike A5 da kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato kusan 1,750 a faɗi da 2,480 a tsawo. Wayata tana ɗaukar fiye da haka, muddin aka tura asalin. Hoton gaban asibiti da sassafe na ɗauke shi, rana tana bayana, bayan an share, an janye babura, an kuma kore awakin maƙwabta. Na ɗakin awo sai da na sake shi, ba don haske ba: da ya buɗe hoton ya faɗaɗa, sai ga littafin rajista a buɗe a kan tebur, ana iya karanta sunaye biyu da sakamakon gwajinsu. Ya kira ni ya ce, "Hajiya, a duba kusurwar hagu." Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye sirrin majiyyaci, ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023. Ko babu doka ma, a ƙauye kowa ya san kowa, takarda ɗaya ta isa ta raba aure.

Ma'aikatan nan biyu ban ɗauka cewa don suna cin albashi a wurina fuskarsu ta zama tawa ba. Na rubuta 'yar takarda da Hausa mai cewa hoton zai fito a takardar bayani kawai, ba a allo ba, kuma in ɗaya ta bar aiki ba za a sake buga shi ba. Ɗaya ta sa hannu. Ɗayar ta ce sai ta shawarci maigidanta, ya ce a'a, magana ta ƙare. Muka ɗauki hannayenta kawai tana auna hawan jini a hannun abokiyar aikinta, kuma a ganina ya fi na fuskar kyau.

Kashi na ƙarshe shi ne na amincewa, kuma nan ne aiki ya fi rikicewa a inda masu baki suka yi yawa. Maigidana yana da ra'ayi a kan launi, mai kula da kati tana da nata, likitan da ke duba mana aiki yana da nasa. Na rubuta wa mai zane cewa likita yana da iko a kan bayanin lafiya, amma gyaransa ta hannuna zai biyo. Duk wanda ya kira shi da gyara, ko waye, ya gaishe shi da ladabi ya ce a faɗa wa Hajiya. Gyara zagaye biyu ne a cikin kuɗin da muka yi, kuma kowane zagaye zan tattara shi a saƙo ɗaya mai lamba, ba in riƙa ɗigo masa ɗaya-ɗaya ba. Ni ma na ɗaure kaina: in ya turo samfuri, zan amsa kafin kwana biyu, in ban amsa ba ranar kammalawa ta matsa, laifin ba nasa ba ne. Sannan na fayyace masa cewa ɗaga babban yatsa ko "ya yi kyau" ba izini ba ne. Izini shi ne in rubuta "A buga" tare da sunan fayil ɗin PDF da kwanan wata.

Kafin in rubuta kalmomin nan biyu, na sa an fitar mini da samfurin a takarda a wani shagon kwamfuta a Wudil, a ainihin girmansa. Na ba mai shararmu, wadda ta tsaya a aji huɗu na firamare, ta karanta mini da ƙarfi. Inda ta yi tuntuɓe, nan na sauƙaƙa. Lambar waya kuwa ban karanta ta da ido ba, na ba wani yaro ya danna ta daga takardar, na jira wayar asibiti ta yi ƙara. Koren da ke fuskar waya ya fito da ɗan duhu a takarda, mai zane ya ce haka tawadar maɗaba'a ta CMYK take, muka bar shi.

Rabin kuɗi na biya a farko, ragowar kuma na ce sai ya miƙo mini fayil iri biyu: PDF ɗin da aka kai wa maɗaba'a, da asalin na manhajar zane ta CorelDRAW wanda ba a daskarar da rubutunsa ba, tare da sunan salon haruffan. Lambar waya tana iya canzawa, ko a ƙara mana wani aiki a rajista, kuma da asalin a hannu gyaran layi ɗaya ne. Na ajiye kwafi a waya, wani kuma a filashi cikin durowar da takardar rajista take.